Laftof ɗina ya ƙi hawa waifai na makaranta, wayata kuwa tana hawa da asusu ɗaya

Assalamu alaikum, ma'aikatan sashen taimako na cibiyar kwamfuta. Barkanku da aiki.

Sunana Hauwa'u, 'yar aji huɗu a sashen kimiyyar kwamfuta, ina ɗaki na 27 a hawa na biyu, bulo C na hostal ɗin mata. Da imel ɗina na makaranta nake rubutowa, don haka lambar rajistata tana tare da saƙon. Tun ranar Litinin 3 ga Nuwamba nake neman hawa Campus-WiFi da laftof, ya ƙi. Wayata kuwa ko daƙiƙa biyar ba ta ɗauka, a kan gado ɗaya, da suna ɗaya da kalmar sirri ɗaya. Na yi iya binciken da zan iya kafin in dame ku, kuma a ganina matsala uku ce ta hau kan juna. Ɗaya na gyara, biyun da suka rage sai daga wajenku.

Laftof ɗin na hannu ne, na saye shi a hutun da ya wuce, bai taɓa hawa waifai ɗin makaranta da asusuna ba. Windows 11 Pro ne a kai, 23H2, katin waifai ɗinsa Intel Dual Band Wireless-AC 8265, mai kama 2.4 GHz da 5 GHz duka. Lambar MAC ɗinsa ta ƙare da 5B-19-7E, cikakkiyar tana cikin fayil ɗin da na haɗo. Wayar Android 12 ce.

Ba maganar ƙarfin sigina ba ce. Wannan umarnin ya nuna mini na'urorin watsa waifai biyu masu sunan Campus-WiFi daga ɗakinmu:

```
netsh wlan show networks mode=bssid
```

Ta baranda tana tasha ta 6 da ƙarfi kashi 84 cikin ɗari, ta bakin matakala tana tasha ta 44 da kashi 61. Na kuma ɗauki laftof ɗin zuwa laburare da ɗakin lakca na sashenmu, amsa ɗaya ce ko'ina: ya tsaya a kan "Checking network requirements" kamar daƙiƙa ashirin, sai ya ce "Can't connect to this network". Da hotsfot ɗin wayata kuwa yana hawa lafiya lau, intanet na tafiya.

Don kada ku sa in maimaita, na riga na kashe na kunna, na sabunta direban katin, na yi Network reset, na kashe Random hardware addresses, na kuma goge tsohon saitin kafin kowane gwaji:

```
netsh wlan delete profile name="Campus-WiFi"
```

Duk waɗannan ba su canza komai ba. Inda na sami haske shi ne Event Viewer, ƙarƙashin WLAN-AutoConfig, sashen Operational. Kowane gwaji jerinsa ɗaya: 11001, wato laftof ya haɗu da na'urar watsawa, 12011, an fara tantance mai shiga, sai 12013, tantancewar ta faɗi. Ke nan har bakin ƙofa yake zuwa, mai gadi ne ke korarsa. Bai ma kai matakin karɓar adireshin IP ba, shi ya sa ban ɓata lokaci a kan DHCP ko DNS ba.

Ta farko laifin laftof ɗin ne. Ranar Litinin lambar kuskuren 0x800B0101 ce, wadda ke nufin agogon kwamfuta ya fita daga wa'adin satifiket ɗin saba. Da na duba, ashe agogon yana nuna Janairun 2018. Ƙaramin batirin da ke riƙe agogo a kan allon ciki ya mutu, duk ranar da aka ɗauke wuta har babban batir ya ƙare tas, sai kwanan wata ya koma baya. Mai gyara ya canza shi ranar Talata, agogo ya tsaya daidai, wannan kuskuren bai sake dawowa ba. Na faɗa ne don ɗalibai da yawa a hostal na hannu suke riƙewa, zai yi kyau agogo ya zama abin da za a fara tambayar duk wanda ya kawo irin wannan ƙorafi.

Ta biyu satifiket ne. Na bi takardar da kuka manna a allon sanarwa na ƙofar hostal layi bayan layi: WPA2-Enterprise, PEAP, EAP-MSCHAP v2, an bar alamar "Verify the server's identity by validating the certificate", an kuma zaɓi "Don't ask user to authorize new servers or trusted CAs". Da wannan saitin abin da nake samu ke nan:

```
Reason: Explicit Eap failure received
Error: 0x800B0109
```

Ma'anarsa laftof ɗin ya bi silsilar satifiket ɗin sabarku har zuwa tushe, sai ya tarar bai san tushen ba. Na buɗe certmgr.msc, na duba Trusted Root Certification Authorities daga sama har ƙasa, babu wani mai kama da na makaranta. Takardar ta ce a tabbatar da saba, ta kuma hana kwamfuta tambayar mai ita, amma ba ta faɗi inda za a samo satifiket ɗin tushe ba, ba ta kuma ba da sunan da za a rubuta a "Connect to these servers" ba. Ina jin an rubuta ta ne don kwamfutocin da ake kai muku ku saka da hannunku. Duk wanda ya bi ta a sabon laftof, nan zai maƙale.

Wayar ba ta fi laftof ɗin iya aiki ba, kawai ba ta tambaya ne. Na duba saitinta, a wurin CA certificate "Do not validate" aka zaɓa, kamar yadda ake koya wa juna a hostal. Duk na'urar da ta ɗauki sunan Campus-WiFi, za ta miƙa mata bayanan shiga ba tare da ta ce kai wane ne ba. An ba ni shawarar in cire alamar tabbatarwa a laftof ɗin ma in huta, na ƙi. MSCHAP v2 tsohuwar hanya ce, ba ta da kariyar kirki sai rufin da PEAP ya yi mata, rufin kuma ba ya da amfani idan ba a san da wa ake magana ba. Wani zai iya kunna ƙaramar na'ura a ɗakinsa da sunan netwok ɗinku, ya tara amsoshin wayoyin bene guda, ya koma ya fasa kalmomin sirrin a hankali. Kalmar sirrin nan kuwa ita ce ta fotal, inda rajistar kwas da sakamakon jarrabawa suke. Ban ce na ga wani yana yi ba, amma ƙofar a buɗe take.

Ta uku ce ta fi ɗaure mini kai. Ranar Laraba da misalin ƙarfe 11:40 na safe, a laburare, na goge saitin takardar, na danna sunan netwok ɗin kai tsaye daga kusurwar allo. Windows ta tambaya "Continue connecting?", na danna "Show certificate details", na ɗauki hoton lambar da ta fito, sannan na amince sau ɗaya don gwaji. Maganar satifiket ta wuce, amma aka sake koro ni da sabon dalili:

```
Error: 0x40420110
Network authentication failed due to a problem with the user account
```

Na gwada lambar rajista ita kaɗai, na gwada cikakken adireshin imel, na rubuta kalmar sirrin a Notepad don in tabbata kibod ɗin ba ya sauya alamomi. A wannan minti ɗin wayata tana kan netwok ɗin da asusun nan, fotal ma yana buɗewa da shi, to kalmar sirri ba ta lalace ba.

Sai muka yi musaya da abokiyar ɗakina. Ta rubuta nata asusun a laftof ɗina da hannunta, nan take ya hau, ya sami adireshi mai farawa da 10, shafuka suka buɗe. Wannan ya wanke katin waifai da direba, ya kuma kawar da zargin da na fara yi cewa TLS 1.3, wanda Windows 11 ke amfani da shi a PEAP tun daga 22H2, shi ne bai jitu da sabarku ba. Ni kuma na saka nawa asusun a wani laftof na maƙwabciyarmu da ke hawa kullum, aka ƙi ni da wannan lamba dai. Asusuna ke nan yana shiga a waya ɗaya tak, ba ya shiga a wata na'ura.

Abin da nake zato shi ne ƙa'idar na'ura biyu ga kowane ɗalibi da aka rubuta a ƙasan takardar. Tsohuwar wayata ta faɗa ruwa a zangon da ya wuce, tana kan netwok ɗin kafin nan, sabuwar ta zo ta ɗauki gurbi na biyu. Idan sabar tana ƙirga na'urori da lambar MAC kuma ba ta sakin gurbin da aka daina amfani da shi, to laftof ɗin shi ne na uku. Ku ne za ku iya tabbatarwa: ku duba rajistar sabar RADIUS ta Laraba 5 ga Nuwamba tsakanin 11:40 da 11:55, za ku ga ƙin karɓa sau huɗu da sunana, tare da dalilin da ta rubuta.

Ina roƙon a cire tsohuwar wayar daga asusuna a bar ta yanzu. A lura wayar yanzu lambar MAC ta bogi take nunawa, wadda Android ke ƙirƙira wa kowane netwok, ba ta jikinta ba, na saka hoton ta don kada a goge wadda ba ita ba. A kuma cire laftof ɗina daga asusun abokiyar ɗakina, don gwajin da muka yi wataƙila ya cinye mata gurbi. Ni na roƙe ta, idan hakan ya saɓa wa ƙa'ida laifina ne, a yi haƙuri. Sannan a turo mini satifiket ɗin tushe da ainihin sunan sabar, a kuma gaya mini ko lambar satifiket ɗin da na ɗauki hotonta ranar Laraba ita ce taku. Idan ba ita ba ce, a sanar da ni da gaggawa in canza kalmar sirri, abokiyar ɗakina ma ta canza tata. Ko ita ce ɗin ma, zan gyara saitin wayar da zarar na samu satifiket ɗin.

Na haɗo rahoton da wannan umarnin ya fitar, wlan-report-latest.html, tare da hotunan allo biyar:

```
netsh wlan show wlanreport
```

Sufabaizana yana jiran babi na uku na furojet ranar Litinin 10 ga wata, aikin kuma yana buƙatar sauke fayiloli kusan 6 GB, datar hotsfot ba za ta ɗauka ba. Idan sai an ga laftof ɗin, zan iya kawo shi gobe Juma'a daga 9 zuwa 11 na safe, ko Litinin bayan ƙarfe 2. Imel ɗin nan nake dubawa a waya, ku amsa ta nan.

Na gode, Allah ya saka da alheri.

Hauwa'u
Ɗaki 27, bulo C
Alhamis, 6 ga Nuwamba 2025