Daga littafin tirenin ɗina, makonni uku na ƙarshe kafin gudun hawa Dutsen Kamaru a Buya

Lahadi, saura kwana 20

Garwa zuwa Pitowa da dawowa, kilomita 30, awa 2 da minti 48. Wannan shi ne dogon gudu na ƙarshe, daga yau sai ragewa. Na fita bayan asuba hazo ya rufe ko'ina, 'yan kasuwar Pitowa da motocinsu suna ta wuce ni suna min hon, wani ɗan kalando har ya rage gudu yana cewa "ɗan uwa hau mana, kyauta ne". Ban hau ba. Rubuta wannan da manyan baƙi Ɗanladi: an ba ka kyauta a kilomita na 24 ƙafarka tana kuka, ka ce a'a. Ran da dutse zai ce maka ka zauna, ka tuna da ɗan kalandon nan.

Talata, saura 18

Hawa da sauka a Tingilin, sau shida. Cinyoyi kamar an zuba musu barkono. Na tsaya a sama ina haki ina kallon gari sai dariya ta kama ni, wai wannan tudun nake hawa don in je in fuskanci Fako, dutsen da ya haura mita 4,000, mu da muke zaune a kwarin Binuwai inda ko'ina shimfiɗe kamar tabarma. To sai me. Abin da Allah ya ba mu ke nan, kuma tun watan tara nake hawansa duk Talata, in aka tara hawan da na yi ai ya kai Fako sau nawa.

Alhamis, saura 16

Matakalan filin Rumde Ajiya, minti 40. Ba daɗi yau, ƙafa nauyi, hanci ya bushe da ƙura. Na yi dai.
Ranar da ba daɗi ma ana rubuta ta a littafi.

Asabar, saura 14

Koci ya karɓi littafin nan ya duba, ya ce mako mai zuwa kilomita 50 kawai, ba 80 ba. Na ce koci ina jin ƙarfi fa, bari in ƙara ko dogo ɗaya. Ya kalle ni ya ce "yaro, ba a fafe gora ranar tafiya, abin da ba ka samu a wata biyar ba ba za ka same shi a sati biyu ba, sai dai ka samo ciwo." Wallahi raina bai so ba amma gaskiyarsa ne, jiki ba lokacin da kake wahalar da shi yake ƙara ƙarfi ba, sai lokacin da ka bar shi ya gyara abin da ka yayyaga. To ga aikinka na yanzu: ka haƙura. Gudu ka riga ka iya, zama ne ba ka iya ba.

Lahadi, saura 13

Kilomita 18 sannu sannu, ta gadar Binuwai. Ruwa ya ja baya, yashi ya fito, masunta suna ta harkarsu. Wani yaro da rigar ƙwallo ya wuce ni fiu, ƙafata har ta ɗauka za ta bi shi, na riƙe ta. Bar shi ya tafi. Shi gida za shi, kai Buya za ka.

Talata, saura 11

Sauka kawai na yi yau, sau huɗu, taku gajere, ido a ƙasa. Duk wanda ya taɓa zuwa gudun nan abu ɗaya yake faɗa, wai hawan yana cin numfashi amma saukar ce take karya mutum, ƙananan duwatsun nan baƙaƙe na aman wuta suna zamewa ƙarƙashin ƙafa kuma cinyarka ta riga ta gaji, ga shi sai ka dawo har filin Moliko inda aka tashi kafin a ce ka gama, kusan kilomita 40 zuwa da dawowa. Saboda haka kar ka kashe komai a sama. Ƙolin dutse rabin hanya ne.

Raba shi kamar yadda ake raba tuwo, da bukkokin da ke kan hanyar dutsen: bukka ta ɗaya, bukka ta biyu, bukka ta uku, ƙoli. Loma ɗaya a lokaci ɗaya.

Alhamis, saura 9

Gwiwar hagu ta ɗan yi magana da safe, hankalina ya tashi, na zauna ina lallatsa ta kamar mai sayen mangwaro. Koci ya ce in huta yau, in gobe ta kumbura mu je wajen likita. Na huta. Hutun ma tirenin ne, ko da zuciya ba ta yarda ba.

Juma'a, saura 8

Gwiwa lafiya lau, alhamdulillahi. Kilomita 8 da yamma.

Bayan masallaci abokai a majalisa suka sa ni gaba, wai me zan samu, wai mutanen can ne suke cinyewa kullum, su da aka haifa a gindin dutsen. E, na sani, na farko suna gamawa cikin awa huɗu da rabi ko kusa da haka, ni awa bakwai nake nema kuma ban ji kunyar faɗa ba. Sarah Etonge ta ci gudun nan sau bakwai, uwa mai 'ya'ya bakwai, har ake ce mata sarauniyar dutse. Ni ko ɗa ɗaya ban da shi, ba mai tashina cikin dare, wane uzuri ya rage min?

Lahadi, saura 6

Kilomita 12, na ƙarshe mai ɗan tsayi. Na sa komai da zan sa ranar: tsohon baskit ɗina, safa, rigar iska, safar hannu, jaka da dabino a ciki. Rana ta fito ina gudu da safar hannu a Garwa, mata masu ƙosai sai kallona suke, su yi ta kallo, can sama iska da sanyi ne ba wasa. Sabon takalmin da Yaya ya aiko daga Marwa yana nan a kwali, sai na dawo. Da tsohuwar zuma ake magani.

Litinin, saura 5

Minti 25 kawai da ɗan miƙe jiki. Jiki yana ƙaiƙayin gudu, barci ya ƙi zuwa da wuri, ina ji kamar duk ƙarfin yana zubewa. Ba ya zubewa Ɗanladi, taruwa yake. Buɗe shafukan baya ka ƙirga asubahin da ka fita mutane suna cikin bargo.

Inna ta ce "Ɗanladi wannan gudun naka wa ya koro ka ne?" Na ce Inna ba kowa. Ta yi shiru sannan ta ce "to Allah ya kai ka lafiya ya dawo min da kai da ƙafafunka biyu." Ta ƙulla min dakuwa a leda. Wannan addu'ar ce zan ɗauko a bukka ta uku.

Talata, saura 4

Mota zuwa Ngaundere, jirgin ƙasa na dare zuwa Yawunde. Ba gudu. Ruwa, miƙe ƙafa, takardar likita tana aljihun gaba na duba sau uku. Kar ka ci abin da cikinka bai sani ba a tasha komai ƙamshinsa.

Alhamis, saura 2

Buya. Daga Yawunde zuwa Duwala zuwa nan duk jikina ya yi tsami. Gajimare ya rufe dutsen tun jiya, sai da yamma ya ɗan yaye na gan shi. Kai. Na yi shiru na ɗan lokaci. Tun 1973 mutane suke hawa abin nan a guje suna saukowa, da ƙafa biyu irin tawa. Minti 20 sassarfa, iskar nan da danshi, numfashi daban da na gida.

Juma'a, gobe ne

Na karɓi lambata na maƙala a riga. Shinkafa da ɗan kifi, ruwa, kwanciya ƙarfe takwas ko barci ya zo ko kar ya zo. In an tashi kowa zai zabura a kan kwalta, bar su, tudun garin kaɗai ya isa ya cinye maka ƙarfi tun kafin ka shiga daji. Sha ruwa tun kafin ƙishi. In gudu ya gagara yi tafiya, in tafiya ta gagara dafa gwiwa ka ci gaba, amma in kai ya fara juyawa ko ƙirji ya riƙe ka faɗa wa masu kula, Inna ƙafafu biyu ta ce.

Agogo ƙarfe huɗu. Dakuwa tana aljihun dama.