Awon Gyara da Awon Ƙarshe: Takardar Darasi ga Ɗaliban Koyon Malanta Masu Shirin Fita Tifi a Katsina

Kafin a rarraba ku makarantu mako mai zuwa, ga takardar da na yi muku alkawari a kan auna fahimta. A littattafan Turanci za ku tarar da kalmomi biyu, fomatib da samatib. A nan zan kira na farko awon gyara, na biyu awon ƙarshe. Wani masani, Michael Scriven, shi ya fara raba su a 1967, yana magana a kan auna ingancin manhaja. Daga baya Benjamin Bloom da abokan aikinsa suka jawo rabon zuwa kan karatun ɗalibi.

Amma abin ba baƙo ba ne a wurinmu. Duk wanda ya yi makarantar allo ya san yaro ba ya wanke allonsa sai ya durƙusa gaban malam ya biya. In ya yi tuntuɓe a wata aya, malam ya ja masa baki, ya ce koma ka ƙara nanatawa. Ba maki, ba rajista. Malam ya ji inda karatun ya karkace, ya miƙe shi tun bai yi nisa ba. Wannan shi ne awon gyara: awon da ake yi ana cikin koyo, domin malami ya san abin da zai yi a gaba, yaro kuma ya san inda zai gyara.

Awon ƙarshe kuwa ana yin sa ne bayan an kammala wani yanki na karatu, don a yanke hukunci a kan abin da yaro ya iya. Jarrabawar ƙarshen zango da ake cike katin sakamako da ita, jarrabawar kammala aji uku na ƙaramar sakandare, Wayek da Neko, duk nan suke. Sakamakon yana tafiya wurin wasu: iyaye, hedimasta, ma'aikatar ilimi, makarantar gaba. Shi ya sa ake tsananta masa, a ba kowa tambaya iri ɗaya da lokaci iri ɗaya, a yi maki da ma'auni ɗaya, a hana satar amsa. Yana da amfaninsa, kada wani ya raina shi. Iyakarsa dai lokacin da ya fito, darasin ya riga ya wuce.

Ga misali daga aji uku na firamare. Kin koyar da ɗebewa mai aro. Saura minti goma a tashi, sai kika rubuta 52 − 27 a allo, kika ce kowa ya yi a bayan littafinsa ya ɗaga sama. Yara saba'in ne a ajin. Kina zagayawa sai kika ga kusan rabinsu sun rubuta 35, alhali amsar 25 ce. Kada ki yi saurin cewa ba su da kai. Dubi 35 ɗin nan da kyau. Yaron ya ga ba za a cire 7 daga 2 ba, sai ya juya ya cire 2 daga 7 ya sami 5, sannan ya cire 2 daga 5 ya sami 3. Ke nan ya iya ɗebewa, aron ne bai shige shi ba. Washegari sai ki ajiye sabon darasin da kika shirya, ki zo da tsinken tsintsiya ɗauri-ɗauri, goma-goma. Ɗauri biyar da tsinke biyu. Ki kira Hindatu ta cire bakwai, ta ga da idonta ba yadda za a yi sai an kwance ɗauri guda. Abin da ya mayar da tambayar jiya awon gyara shi ne wannan canjin da kika yi yau. Da kin ga 35 kin ja jan biro kin wuce babi na gaba, da ba ki auna komai don gyara ba.

Tambayar 52 − 27 ɗin nan kuma tana iya fitowa a jarrabawar ƙarshen zango, maki biyu. A can, wanda ya rubuta 35 ya sami sifili, shi ke nan, an tafi hutu. Tambaya ɗaya ce, takarda ɗaya ce. Abin da aka yi da amsar ne ya raba su.

A nan ne nake so ku yi hattara da Si-E. Tsarin ilimi na ƙasa da aka fitar a 1977 ya shigo da ita, wato auna ɗalibi a kai a kai, don kada makomar yaro ta rataya ga jarrabawar rana ɗaya. Niyya mai kyau. Amma abin da na sha gani a wurin duba ɗaliban tifi shi ne a yi gwaji a mako na huɗu, a yi wani a na takwas, a zuba maki a rajista, takardun kuma su kwana a durowa har gara ta ci. Wasu makarantun suna ba Si-E kashi 30, wasu 40, ku bi na makarantar da aka tura ku. Sai dai ku sani, gwajin da ba a mayar wa yaro ba, ba a kuma sake koyar da komai saboda shi ba, ƙaramin awon ƙarshe ne kawai aka yi da wuri.

Ni ma na yi wannan kuskuren shekarar da na fara koyarwa a wata firamare a bayan gari. Na yi wa 'yan aji huɗu shifta, na rubuta 3/10 a littafin wani yaro tare da "ƙara ƙoƙari". Ya ƙara ƙoƙarin me? Sai bayan makonni na lura duk kurakuransa iri ɗaya ne: yana rubuta kafa a wurin ƙafa, daki a wurin ɗaki, bari a wurin ɓari. Lanƙwasar haruffa uku ce kaɗai matsalarsa. Da na rubuta masa "duba ƙ, ɗ da ɓ, sake rubuta layi na biyu", da ya gyara a ranar.

Sai batun "Kun gane?" Duk ajin da ka yi wa wannan tambaya a ƙasar nan zai amsa da "Eee, malam!" har rufin kwano ya ɗauka. Kunya ce da ladabi, ba fahimta ba. Ka ce wa Sagir ya faɗa wa na kusa da shi, da bakinsa, dalilin da ya sa ruwan randa ya fi na bokitin roba sanyi, kai kuma ka tsaya ka saurara. Ka kira na bayan aji waɗanda ba sa ɗaga hannu, ka ba su ɗan lokaci su yi tunani kafin ka wuce. Kuma ka ajiye bulala a irin wannan lokaci. Yaron da ya san kuskure zai jawo masa duka zai ɓoye littafinsa ko ya kwafi na maƙwabcinsa, kai kuma kuskuren ne kake nema ka gani.

Aikin da za ku kawo: a makon farko na tifi, kowa ya zaɓi darasi ɗaya, ya rubuta tambayar da ya yi wa aji ana cikin darasi, amsoshi uku na kuskure kamar yadda yara suka ba da su, abin da yake ganin ya jawo kowanne, da abin da ya canza a darasin washegari. Shafi ɗaya ya isa. Ku manna shi a bayan littafin shirin darasi, zan duba ranar da na zo makarantarku.