Wasiƙar Tayin Aikin Fassara Tsakanin Hausa da Turanci

Unguwar Dosa,
Kaduna.
13 ga Janairu, 2025.

Shugaban Kamfani,
Kamfanin Sarrafa Citta da Kayan Yaji,
Kakuri, Kaduna.

Ranka ya daɗe,

TAYIN FASSARA TAKARDUN KAMFANI DAGA TURANCI ZUWA HAUSA DA KUMA DAGA HAUSA ZUWA TURANCI

Bayan gaisuwa da fatan alheri, tare da fatan kana lafiya kai da ma'aikatanka, na rubuto ne domin in gabatar da kaina a matsayin mai fassara, in kuma nemi kamfaninka ya ba ni aikin fassara takardunsa tsakanin Hausa da Turanci. Sunana Rabi'atu Garba. Na yi digirina na farko a fannin Hausa a Jami'ar Ahmadu Bello ta Zariya, kuma tun bayan da na kammala hidimar ƙasa fassara ce sana'ata a nan Kaduna, inda akasarin aikina ya shafi takardun kasuwanci, da na ƙungiyoyin manoma, da littattafan horar da ma'aikata.

Dalilin da ya sa na ga kamfaninka yana bukatar wannan aiki shi ne yanayin harkar ita kanta. Duk takardar da hukuma ko banki ko babban mai saye zai karɓa daga hannunku da Turanci ake rubuta ta, tun daga takardun rajista na CAC har zuwa na NAFDAC da na haraji. Amma mutanen da za su cika alkawarin da ke cikin waɗannan takardu, wato manoma da dillalai a Kachiya da Kwoi da Kagarko, da ma'aikatan da ke tsaye a kan injin niƙa, da 'yan sari a Kasuwar Shaikh Abubakar Gumi ko a Dawanau, da Hausa ake magana da su. Na san cewa manoman citta da yawa a kudancin jihar nan suna da harsunansu na gado, amma Hausa ce harshen ciniki idan an haɗu a kasuwa. Abin da aka saba yi shi ne, wakilin kamfani ya karanta takardar da Turanci, sannan ya bayyana ta da baki gwargwadon fahimtarsa. Ranar da aka sami saɓani, kowa sai ya kawo abin da ya ji, ba kuma wata rubutacciyar shaida da ɓangarorin biyu suka fahimta.

Saboda haka aikin da na fi so in fara da shi shi ne yarjejeniyar sayen citta tsakaninku da manoma ko ƙungiyoyinsu. Irin wannan takarda ba ta cika wuce shafi biyu ko uku ba, amma kusan kowace jimla a cikinta kuɗi ce. A ciki ake faɗin ko ɗanyar citta ake so ko tsagaggiya busasshiya, da iyakar laimar da za a yarda da ita, da nauyin buhu, da sikelin wanda za a yi awo da shi, da abin da za a rage idan an sami ƙasa ko tsakuwa a cikin kaya, da wanda zai biya kuɗin lodi da na mota har zuwa Kakuri. Manomin da aka ba shi kafin alƙalami a farkon damina yana da haƙƙin ya san, da harshen da yake ji, ko farashin ranar da aka sa hannu za a bi ko na ranar da ya kawo kaya. Annobar da ta lalata gonakin citta a kudancin Kaduna a daminar 2023 ta nuna muhimmancin wannan ƙwarai, domin a irin wannan shekara ce ake komawa ga sharaɗin da ya yi bayanin abin da zai faru idan amfanin gona ya lalace ba da sakacin manomi ba. Idan wannan sharaɗi yana nan a rubuce da Hausa, an karanta shi a gaban shaidu, kowa kuma ya tafi da kwafinsa, to kamfani ya kare dukiyarsa, ya kuma riƙe amanar mutanen da zai sake nema baɗi. Yadda nake tsara irin wannan takarda shi ne in jera Turancin a gefe ɗaya na shafi, Hausar a ɗaya gefen, sashe da sashe da lamba iri ɗaya, yadda lauyanku da shugaban manoma za su iya ɗora yatsa a kan layi guda.

Abu na biyu shi ne rubutun da ke jikin leda da kwalba da katan. Ƙa'idar NAFDAC ita ce bayanin ya kasance da Turanci, amma ba ta hana a ƙara wani harshe a kai ba. Sunan kaya, da abubuwan da aka haɗa, da nauyi, da ranar yi da ranar lalacewa, da lambar rajista duk za su zauna yadda hukuma ta amince da su, ba zan taɓa su ba. Abin da zan ƙara shi ne Hausar yadda ake amfani da kayan da yadda ake adana su, a taƙaice yadda za ta shiga ɗan filin da ya rage a jikin leda. Uwargidan da ta ɗauki garin yaji a shago tana so ta ga ko akwai kanumfari da masoro a ciki, da yawan da za ta zuba a tukunya, da sunayen da ta san su da su. A nan ina roƙon a riƙa ba ni dama in duba samfurin ƙarshe kafin a kai maɗaba'a, saboda sau da yawa baƙaƙe masu ƙugiya, wato ɓ da ɗ da ƙ, suna ɓacewa ko su koma wata alama ta daban idan mai zane ya canza salon rubutu a kwamfuta, kuma gyara bayan an buga leda dubbai asara ce babba. Wannan dubawa ba ta da wani kuɗi na daban.

Haka kuma zan iya fassara takardun cikin gida. Dokar ƙwadago ta Nijeriya ta wajabta wa mai ɗaukar aiki ya ba ma'aikaci rubutattun sharuɗɗan aikinsa kafin cikar wata uku da fara aiki, kuma ma'aikacin da ya karanta nasa da Hausa zai fi sanin abin da ke kansa da abin da ke kan kamfani. Akwai kuma dokokin tsafta, da gargaɗin da ake liƙawa kusa da injina, da sanarwar albashi da hutu. Ta ɗaya ɓangaren, wasiƙun da wakilanku ko ƙungiyoyin manoma ke aikowa da Hausa, da bayanan tarurrukan da aka yi da Hausa, zan mayar da su Turanci mai tsabta wanda za a iya gabatar wa banki ko abokin hulɗa daga Legas. Idan kamfanin zai kafa rumfa a bikin baje koli na ƙasa da ƙasa da ƙungiyar KADCCIMA ke shiryawa a Kaduna, takardun talla da jerin farashi ma suna cikin abin da zan iya shiryawa da harsunan biyu.

Game da yadda nake aiki, da daidaitacciyar Hausa nake rubutu, irin wadda ake koyarwa a makarantu kuma ake ji a labaran rediyo, domin ita ce mutumin Zariya da na Kano da na Kafanchan duk za su karanta ba tare da tuntuɓe ba. Kafin in fara, zan zauna da wanda ka wakilta na kamar awa ɗaya mu fitar da jerin sunayen kayanku da kalmomin da ma'aikata suka riga suka saba da su, domin kada takardar yau ta kira abu da suna ɗaya, ta gobe ta kira shi da wani. Ina karɓar takardu a Word ko PDF, ko a hoto ta WhatsApp idan rubutun ya fito sosai, kuma kowace fassara sai wani abokin aikina ya karanta ta ya gwada da asalinta kafin in miƙa. Duk abin da na gani a takardunku, na farashi ko sunayen abokan ciniki ko sirrin haɗin yaji, amana ne a wurina da wurinsa, kuma a shirye muke mu sa hannu a kan takardar riƙe sirri idan kamfani ya tanade ta.

Ya dace in bayyana iyakar aikina tun yanzu. Ni ba lauya ba ce, saboda haka ba na rubuta yarjejeniya daga tushe, ba na kuma canza ma'anar abin da aka ba ni; idan na ga jimlar da za a iya fahimtarta ta hanya biyu, zan tsaya in tambaya. Shawarata ita ce lauyanku ya faɗa a cikin kowace yarjejeniya wane kwafi ne za a yi hukunci da shi idan an sami bambanci. Ba na kuma aikin Faransanci, wanda za ku bukata idan kaya za su tsallaka zuwa Maraɗi ko Damagaram da takardun hukuma.

Farashina naira 25 ne a kan kowace kalma ta asalin takarda idan wasiƙa ce ko sanarwa ko takardar talla, da naira 40 idan yarjejeniya ce ko bayanin injina. Rubutun jikin leda ko kwalba naira 15,000 ne kowane samfuri. Takardar da ba ta wuce kalmomi 1,500 ba ina miƙa ta cikin kwana biyu na aiki, wadda ta fi haka kuma sai mu tsayar da rana tun kafin in fara. Aikin gaggawa da ake so cikin awa 24 yana da ƙarin kashi ɗaya cikin huɗu. Ana biyan rabin kuɗi a farko, sauran rabin bayan an karɓi aiki, kuma duk gyaran da aka nema cikin mako biyu kyauta ne. Idan kamfani ya ga zai riƙa samun takardu a kai a kai, za mu iya yin yarjejeniyar wata-wata da ragin kashi 10 cikin ɗari.

Domin kada a yanke shawara a kan maganata kawai, ina neman a ba ni shafi ɗaya daga cikin yarjejeniyar da kuke amfani da ita yanzu in fassara ba tare da an biya ni ba, sannan a karanta wa ɗaya daga cikin wakilanku na kasuwa a ji ko ya fahimci abin da ake nufi. Na fi so a yi haka kafin watan Afrilu, lokacin da za a fara shirin shuka da ƙulla sababbin yarjejeniyoyi. Na haɗo wannan wasiƙa da takardar bayanin karatuna da ayyukana, da samfurin fassara guda biyu waɗanda masu su suka ba ni izinin nunawa, da katina mai ɗauke da lambar waya. Zan iya zuwa ofishinka a Kakuri duk ranar da ka sa mini, daga Litinin zuwa Alhamis.

Na gode da lokacin da ka ba wannan wasiƙa. Allah ya ƙara wa kamfani albarka da buɗi. Ka huta lafiya.

Ni ce,
Rabi'atu Garba
Mai fassara, Hausa da Turanci