Sharhi kan zanen allon kula da wakilan POS, siga ta uku

Salamu alaikum, 'yan sashen zane. Na duba sigar da kuka turo ranar Litinin, a kan laftof mai allo 1366×768, irin wadda ma'aikatan sashen kula da wakilai ke aiki da ita.

A taron da ya gabata an yi ta cewa allon ya cika, a rage bayanai. Ban yarda ba. Waɗanda ke amfani da shi ba baƙi ba ne, tun safe har yamma a gabansa suke, kuma duk abin da aka ɓoye musu a bayan maɓalli ƙarin dannawa ne sau ɗaruruwa a rana. Matsalar ita ce an ba komai daraja ɗaya, har ma abin da ba ya bukatar kowa ya motsa shi ne ya samu wuri mafi tsada.

Ku duba saman allon. Katuna goma sha biyu ne a jere biyu, girmansu ɗaya, launinsu ɗaya. Na farko a kusurwar hagu shi ne Total Agents, adadin da da ƙyar yake canjawa a mako. Failed Transactions kuwa, wanda saboda shi wakili ke kiran waya yana faɗa don an cire kuɗin kwastoma bai fito ba, shi ne na tara. Binciken da Jakob Nielsen ya fitar a 2006 ya nuna cewa ido kan bi shafi a siffar F: layin sama, sai wani gajeren layi ƙasa da shi, sannan ya gangara ta gefen hagu. A kan shafukan karatu aka yi shi, don haka kada a ɗauke shi tamkar doka, amma saman hagu dai nan ido ke fara sauka ga mai karanta boko. A ba wa Failed Transactions, Pending Reversals da Offline Terminals wannan wurin, da manyan lambobi. Sauran taran su koma siririn layi ɗaya a ƙasansu. Da haka jadawalin zai hauro sama, domin yanzu sahu huɗu kacal ake gani kafin a ja allo.

Kowace lamba kuma tana bukatar abin gwadawa. In an ga 312, yawa ne ko kaɗan? A sa na jiya a daidai wannan lokaci kusa da ita, da ƙaramin rubutu.

Jadawalin shi ne inda aikin yake, a nan kuma gyara ya fi yawa. Layukan tsaye goma sha tara ne, an jera su yadda suka fito daga rumbun bayanai. Agent Name yana na biyu, Phone yana na goma sha huɗu, ga shi ma'aikaci ba ya neman ɗaya sai da ɗayan. Yana jan allo zuwa dama don ya ga lambar waya, sunan ya ɓace, sai ya dawo ya tabbatar sahun da yake kai. A haɗa su rukuni-rukuni: wane ne wakilin da inda yake, sai kuɗi, sai halin na'urarsa. Tazara kaɗan tsakanin rukunan ta isa, domin ido na ɗaukar abubuwan da ke kusa da juna a matsayin abu ɗaya. Waɗannan baƙaƙen layukan da aka kewaye kowane gurbi da su a cire su. Sunan wakili da kanun jadawali su tsaya cak lokacin da ake jan allo.

Kuɗi kuma an jera su a tsakiya, shi ya sa ₦85,000 da ₦850,000 ke kama da juna in an duba da sauri. Su koma dama, lambobin kuma faɗinsu ya zama ɗaya:

```css
td.amount { text-align: right; font-variant-numeric: tabular-nums; }
```

Launi ya yi yawa. Ja yana kan Failed, yana kan maɓallin Export, yana kan tambarin kamfani, to wanne ne gargaɗi? A bar ja ga matsala kaɗai, kuma a haɗa shi da kalma ko alama saboda masu wahalar bambance ja da kore. Rubutun toka-toka na kwanan wata bai kai bambancin 4.5:1 da WCAG ta gindaya wa ƙananan rubutu ba.

Zanen da'irar nan mai yanka goma sha ɗaya na jihohi, na san oga yana son sa, amma ba mai iya gane ko Jigawa ta fi Katsina a cikinsa. Sanduna a kwance, daga babba zuwa ƙarami, kuma a shafin rahoto.

Akwatin bincike da ke karɓar Terminal ID ko lambar waya ya yi kyau sosai, kada a taɓa shi.

Kafin siga ta huɗu, a zaunar da ma'aikata uku, a ce kowa ya nemo wakilin da cinikinsa ya fi faɗuwa yau ya kira shi, a tsohon allo da sabo, a auna lokacin. Ku turo min sakamakon tare da zanen ranar Alhamis.