Ɗan Littafin Tsarin Bikin Yaye Ɗalibai Karo na 14

SHAFI NA 1: BANGO

Bikin yaye ɗaliban difloma 212
Ranar Asabar, ƙarfe 10:00 na safe
A babban ɗakin taro na kwaleji
Za a buɗe ƙofa ƙarfe 8:30, a rufe ta ƙarfe 9:45

SHAFI NA 2: MARABA DAGA SHUGABAN KWALEJI

Iyaye, malamai da manyan baƙi, sannunku da zuwa. Shekara biyu ke nan da kuka damƙa mana amanar 'ya'yanku, yau ga su muna mayar muku da su da takardar shaida a hannu. Mun tsara taron ya ƙare cikin awa biyu da rabi. Saboda haka muka taƙaita jawabai, har da nawa, muka bar kaso mafi tsoka ga kiran suna, domin shi ne abin da ya taso ku daga gida.

SHAFI NA 3: TSARIN TARO

9:30 Ɗalibai sun gama zama bisa lambar kujerarsu
9:50 Jerin gwanon malamai da shugabanni (kowa ya miƙe)
10:00 Taken ƙasa da addu'ar buɗe taro
10:10 Shugaban Hukumar Gudanarwa ya buɗe taro
10:15 Jawabin Shugaban Kwaleji
10:30 Jawabin babban baƙo
10:50 Gabatar da ɗalibai da miƙa takardun shaida
11:55 Kyaututtukan waɗanda suka yi fice
12:10 Jawabin bankwana daga ɗalibar da ta zo ta ɗaya
12:20 Godiya daga Magatakarda
12:25 Addu'a da rufe taro
12:30 Fitar jerin gwano

SHAFI NA 4: JERIN GWANO

Ƙananan malamai ne a gaba wajen shigowa, sai manyan malamai, shugabannin sassa, Magatakarda, babban baƙo da Shugaban Kwaleji. Mai ɗauke da sandar girma zai biyo su, Shugaban Hukumar Gudanarwa na bayansa. Da zarar an ajiye sandar a kan teburi, taro ya zauna. Wajen fita kuwa tsarin juyewa yake yi: wanda ya shigo ƙarshe shi zai fara fita. Baƙi su tsaya a wurarensu har sai ɗalibi na ƙarshe ya wuce ƙofa.

SHAFI NA 5: KIRAN SUNA

Sassan za su fito a jere kamar haka:
Injiniyan Lantarki, ɗalibai 48
Fasahar Gine-gine, 39
Kimiyyar Kwamfuta, 57
Kimiyyar Ɗakin Gwaje-gwaje, 31
Akanta, 37

Cikakkun sunaye suna cikin takardar da aka saƙala a tsakiyar wannan littafi, sashe-sashe, bisa jerin baƙaƙe.

Shugaban kowane sashe zai miƙe ya gabatar da ɗalibansa ga Shugaban Hukumar. Ɗalibi ya hau dandamali ta matakalar dama, ya ba mai kiran suna katinsa, ya dakata har a gama faɗin sunan. Sannan ya karɓi takarda, ya tsaya kaɗan a ɗauki hoto, ya sauka ta hagu ya koma kujerarsa. Wanda sunansa ke da wuyar furtawa ya rubuta yadda ake faɗinsa a bayan katin tun da safe. Ba ma son a ɓata wa kowa suna a gaban iyayensa.

Tuntun hula yana gefen dama har sai an gama da sashe na ƙarshe. A nan Shugaban Hukumar zai ba da izini, dukan ɗalibai su mayar da shi hagu lokaci guda.

Roƙonmu ga iyaye: mun ware daƙiƙa goma sha biyar kacal ga kowane ɗalibi. In tafi da sowa suka yi tsawo, mahaifin na gaba ba zai ji sunan ɗansa ba. A yi haƙuri a tara murnar zuwa ƙarshen kowane sashe, sai a sake ta son rai.

SHAFI NA 6: KYAUTUTTUKA

Ɗalibi mafi hazaƙa a kowane sashe
Aikin bincike mafi inganci na shekarar ƙarshe
Kyautar ɗa'a da hidima ga 'yan'uwa ɗalibai
Ɗaliba ta ɗaya a kwaleji gaba ɗaya

SHAFI NA 7: WURIN ZAMA DA SANARWA

Layi na 1 da na 2 na manyan baƙi ne, na 3 zuwa na 12 na ɗalibai, daga na 13 zuwa baya na iyaye. Katin gayyata ɗaya, mutum biyu. Tsofaffi da masu keken guragu su shiga ta ƙofar gabas, akwai masu jagora da za su zaunar da su. Ma'aikatan lafiya suna ɗakin da ke jikin wannan ƙofa. A rufe ƙarar waya, kuma kada kowa ya hau dandamali don ɗaukar hoto.

SHAFI NA 8: BAYAN TARO

Hoton kowane sashe da malamansa a gaban ɗakin karatu, ƙarfe 12:45. A mayar da riga da hula ofishin Magatakarda kafin ƙarfe 4:00 na yammacin Litinin, a karɓi rasidi. Wanda bai samu halarta ba zai karɓi takardarsa a wannan ofishi daga ranar Talata, da katin shaidarsa na ɗalibi.