Gwajin Labarin Ƙasa Kan Cunkoson Jama'a, Tare da Jagorar Ba da Maki

Aji biyu na babbar sakandare, zango na biyu. Lokaci: minti 40. Jimillar maki: 20.

Ɗalibai, ku karanta jadawalin da kyau kafin ku soma. Ku nuna yadda kuka yi kowane lissafi, domin hanya ma tana da nata makin. An yarda a yi amfani da kalkuleta.

| Jiha | Yawan jama'a, 2006 (miliyan) | Faɗin ƙasa (murabba'in kilomita) |
|---|---|---|
| Kano | 9.4 | 20,000 |
| Kaduna | 6.1 | 46,000 |
| Katsina | 5.8 | 24,000 |
| Jigawa | 4.4 | 23,000 |
| Kebbi | 3.3 | 37,000 |

Alƙaluman jama'a daga ƙidayar 2006 suke. An taƙaita su, su da na faɗin ƙasa, don sauƙin lissafi.

1. Nawa ne jimillar jama'ar jihohin biyar? Kashi nawa ke nan cikin 100 na jama'ar Najeriya, waɗanda suka kai kimanin miliyan 140 a shekarar? (maki 3)
2. Ku lissafa cunkoson jama'a na kowace jiha, wato mutum nawa ne a kowane murabba'in kilomita. (maki 5)
3. Kaduna ta fi Katsina yawan jama'a. Wacce ta fi cunkoso, kuma me ya sa? Ku kafa hujja da jadawalin. (maki 2)
4. Ku yi zanen sanduna na amsar tambaya ta 2, santimita 1 a madadin mutum 100. (maki 4)
5. Idan aka haɗe jihohin biyar wuri guda, nawa ne cunkosonsu? (maki 2)
6. Ku kawo dalilai biyu da suka sa Kano ta fi sauran cunkoso, tare da bayani. (maki 4)

Jagora ga malamai masu dubawa

Ta ɗaya: miliyan 29, maki 1. Sai 29 ÷ 140 × 100 = 20.7, maki 2. A karɓi 21. Wanda ya rubuta 29 bai sa "miliyan" ba, ya rasa makin farko, don bai karanta kan jadawalin ba.

Ta biyu: Kano 470, Katsina 242, Jigawa 191, Kaduna 133, Kebbi 89, kowacce maki ɗaya. A nan aka fi zubar da maki. Wasu za su raba 9.4 da 20,000 kai tsaye ba su mayar da ita 9,400,000 ba, sai su samu 0.00047. Wasu kuma za su juya lissafin, su raba faɗin ƙasa da yawan jama'a. Duka biyun ba su da maki, amma don Allah a rubuta wa yaro a gefe inda ya kauce, kada a ja masa jan biro kawai a wuce.

Ta uku ita ce ke nuna wanda ya fahimci darasin. Katsina ce, domin faɗin Kaduna ya kusa ninka nata, alhali ratar jama'arsu dubu 300 ce kacal. Wanda ya ambaci Katsina ba hujja, maki 1. Wanda ya ce Kaduna "saboda ta fi mutane" ya cakuɗa yawa da cunkoso, kuma yana bukatar a sake zama da shi.

Ta huɗu: tsawon sanduna santimita 4.7, 2.4, 1.9, 1.3 da 0.9. Maki 2 ga tsawo, 1 ga take, 1 ga sunayen jihohi da ma'auni. Layin tsaye ya fara daga sifili, sanduna su zama faɗi ɗaya. Idan yaro ya kuskure a tambaya ta 2 amma ya zana alƙalumansa daidai, a ba shi makin zane cikakke. Ba a hukunta kuskure ɗaya sau biyu.

Ta biyar: 29,000,000 ÷ 150,000 = 193. Za a ga 225 a takardu da dama, daga waɗanda suka tara cunkoson jihohin suka raba biyar. Wannan hanya ta ɗauka faɗin jihohin ɗaya ne, ta ba Kano nauyi daidai da Kaduna wadda ta ninka ta faɗi har da ƙari. Ba a ba ta maki.

Ta shida ba ta cikin jadawalin, da gangan aka sa ta a ƙarshe. A karɓi tsohon kasuwancin birnin tun zamanin fatauci ta hamada da kasuwar Kurmi, ko masana'antun Bompai, Sharaɗa da Challawa, ko noman rani a Kadawa da ruwan madatsar Tiga, ko gonakin kewayen birni da ake nomawa kowace shekara da taki. Maki 1 ga dalili, 1 ga bayanin yadda yake jawo mutane ko riƙe su. "Kano babban gari ne" maimaita tambaya ce, ba ta da maki. A karɓi duk wani dalili na gaskiya ko da ba ya cikin waɗannan, a kuma sanar da shugaban sashe don a ƙara shi cikin jagorar kafin sauran malamai su gama dubawa.