Addu'ar Godiya Bayan Samun Sauƙi

Da sunan Allah, Mai rahama, Mai jin ƙai. Ya Allah, Ka yi daɗin tsira ga Annabi Muhammadu da alayensa da sahabbansa.

Ya Ubangiji, ga baiwarKa. Kowa ya yi barci, ni kaɗai ce a kan darduma, kuma yau na sa goshina a ƙasa har na gama tasbihi tari bai ɗago ni ba. Alhamdu lillahi.

Wata 9 na yi a kwance. Na yi 3 ba a gano abin da ke cina ba, zazzaɓin yamma da zufar dare, ina ta ramewa har zobena ya daina zama a yatsa. Na yi 6 ina haɗiyar maganin tarin fuka kowace safiya. Jiya likita ya duba gwajin ƙarshe ya ce babu sauran ƙwayar cutar. Magani sababi ne, ya Allah. Kai ne Mai warkarwa, babu waraka sai taKa.

Ka san daren da na gaza. Na juya fuskata ga bango na ce gara a ɗauke ni in huta. Ba wanda ya ji sai Kai. Annabi Ayyuba da cuta ta shafe shi bai yi Maka ƙorafi ba, kuka kawai ya kawo gare Ka, yana kiran Ka Mafi rahamar masu rahama. Ni haƙurina bai kai ko'ina ba, amma Ka yaye mini duk da haka. Astagfirullah. Ka yafe mini wannan dare, Ka sa raɗaɗin da na sha ya zama kaffara.

Na gode Maka da numfashi. Shekara 34 ina shaƙa ina fitarwa ban taɓa ƙirga shi cikin ni'ima ba, sai da na koma sallah a zaune, ina yanke Fatiha gida uku don in huta. Na gode da ranar da aka bar 'yar autata ta shigo ta hau cinyata, bayan makonnin da take tsayawa a bakin ƙofa tana leƙe.

Mahaifiyata da ta bar ɗakinta ta zo jinyata da tsufanta, Ka saka mata da Aljanna. Maigidana da bai taɓa nuna mini gajiya ba, Ka buɗa masa. Ma'aikatan jinya da duk wanda ya zo dubiya ko ya yi mini addu'a ban sani ba, Ka biya musu bukatunsu.

Waɗanda na baro a kan gado, Ka ba su lafiya. Wadda gadonta ke kusa da nawa, da ba ta tashi ba, Ka jiƙanta, Ka haskaka kabarinta.

Ina tsoron mantuwa, ya Allah. Idan ƙarfi ya dawo, kada Ka bar ni in koma gidan jiya. Ga ramuwar azumin da ke kaina, Ka ba ni ikon biya.

Amin, ya Hayyu, ya Ƙayyumu.